Ɗan gudun hijira, mai neman mafaka da ɗan ci-rani: abin da doka ke nufi idan ka tsallaka iyaka

A ƙauyukanmu na Jigawa, daga yankin Gumel zuwa Kazaure har Ringim, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan da ke da mutum a waje ba. Wani yana Jidda, wani yana Libiya, wani ya tsallaka teku ya shiga Italiya, daga can aka ji ya wuce Jamus. In ka tambayi mahaifiyarsa sai ta ce ya tafi ci-rani. In ka kunna rediyo ka ji an ce 'yan gudun hijira sun nutse a tekun Bahar Rum, gobe wata tashar ta kira mutanen baƙin haure. A bakinmu na gida waɗannan sunaye suna shiga juna, kuma ba wanda hakan ke cutarwa. Amma ranar da ɗan namu ya zauna gaban jami'in shige da fice a wata ƙasa, kowane suna yana da dokarsa, kuma dokar ce za ta faɗi ko zai yi aiki, ko zai ɗauko matarsa, ko za a sa shi a jirgi a dawo da shi.

Saboda ku da ke waje nake wannan bayani, da kuma iyayenku da ke jiran kiran waya. A fom ko a shafin hukuma za ku ga an rubuta refugee, shi ne ɗan gudun hijira, ko asylum seeker, mai neman mafaka ke nan, ko migrant, wanda kafafen labaranmu ke kira ɗan ci-rani. Dukkansu uku amsa ce ga tambaya guda: yau wace ƙasa ce ke da alhakin kare ka? Ɗan ci-rani har gobe ƙasarsa ce ke kare shi, ko ina yake. Ɗan gudun hijira kariyar ƙasarsa ta yanke, wata ƙasa ta tsaya masa a madadinta. Mai neman mafaka kuwa shi ne wanda ya ce tasa kariyar ta yanke, ana kan bincika ko gaskiya ne. Yawan wahalar da mutum ya sha ba ya cikin ma'aunin, kuma wannan ne abin da ya fi yi wa mutanenmu wuyar karɓa.

Mu ƙaddara 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Jibiya a Katsina. 'Yan bindiga sun shigo da dare, sun kora shanu, sun ƙona rumbuna, sun kashe mutane. Da gari ya waye kowa ya kama gabansa. Babban wan ya kwaso iyalinsa ya taho wajen dangin matarsa a wani ƙauye kusa da Kazaure. Na tsakiyan ya tsallaka iyaka ya shiga jihar Maraɗi a Nijar. Autan, wanda bai yi aure ba, ya bi ta Agadez ya faɗa Libiya, bayan shekara biyu ya samu kansa a tsibirin Lampedusa na Italiya.

Babban wan, duk da mu a nan ɗan gudun hijira muke kiransa, kuma haka gwamnati ke kiran sansanonin Maiduguri, a dokar duniya bai shiga wannan suna ba. Dalili ɗaya ne: bai fita daga Najeriya ba. Shi wanda aka raba da muhallinsa ne a cikin gida, haƙƙinsa yana wuyan gwamnatin Najeriya, kuma yarjejeniyar da ta shafe shi ita ce ta Kampala da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2009. Ba wata ƙasar waje da doka ta ɗora wa nauyin karɓarsa. Ku riƙe zancensa, domin zamansa lafiya a Kazaure zai taɓa shari'ar ƙaninsa a Turai.

Na tsakiyan tafiyarsa ba ta kai ta wansa nisa ba, wataƙila ma bai yi rabinta ba, kuma inda ya sauka Hausa ake yi, wasu ma danginsa ne. Amma ya tsallaka iyakar ƙasa, saboda haka shi ɗan gudun hijira ne cikakke. Abin da ya ba shi wannan matsayi ba yarjejeniyar Geneba da kowa ke ambata ba ce, wata ce ta Afirka, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne tushen duk wannan magana.

Yarjejeniyar Geneba an rattaba mata hannu a 1951, bayan yaƙin duniya na biyu, kuma da farko mutanen da abubuwan da suka faru kafin 1 ga Janairun 1951 suka kora kawai ta shafa, galibi Turawa. A 1967 aka yi mata ƙari da ya cire wannan iyaka ta lokaci da ta wuri. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa, yana da tsoro mai tushe cewa za a tsananta masa, kuma ba zai iya samun kariyar ƙasarsa ba. Sai ta ɗaure tsanantawar da dalilai biyar: jinsinsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasar asalinsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na musamman na al'umma. Wato bai isa a ce ana kashe mutane a garinku ba. Sai an nuna cewa kai ake nufi, ko irinku ake nufi, saboda ɗaya daga cikin biyar ɗin nan.

Shugabannin Afirka sun ga wannan riga ba ta yi wa nahiyarsu daidai ba, domin a nan gari guda ne ke tashi a dare ɗaya, ba wanda ya tsaya tambayar wa ake nema. A 1969 a Adis Ababa ƙungiyar haɗin kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar. Ta karɓi ma'anar Geneba, sannan ta ƙara cewa duk wanda mamaya daga waje, ko mulkin baƙi, ko wani al'amari da ya dagula zaman lafiya sosai a wani ɓangare na ƙasarsa ko a dukkanta ya tilasta masa fita, shi ma ɗan gudun hijira ne. Kalmar "wani ɓangare" ita ce ta ceci na tsakiyan. Ba a bukatar ya nuna shi aka nufa, kuma ba a tambayarsa me ya hana shi zuwa Kano. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwarara Maraɗi, Nijar kuma ta karɓe su a dunƙule: a yi wa mutum rajista, a tabbatar daga inda ya fito, ba tare da an zaunar da kowa an yi masa doguwar tambaya ba. Da irin wannan faffaɗar ma'ana mutanen Borno suka zauna a Diffa da sansanin Minawao na Kamaru.

Yanzu autan. Harin da ya kori na tsakiyan shi ne ya kore shi, amma ƙasar da ya taka ba ta cikin yarjejeniyar 1969. Da saukarsa za a ɗauki hotonsa da hoton yatsunsa. In ya furta cewa yana neman kariya, daga wannan lokacin ya zama mai neman mafaka. A ofishin 'yan sanda da ake kira kwastura za a cike masa fom mai suna C3, inda ake rubuta sunansa, garinsu, iyalinsa, hanyar da ya biyo da taƙaitaccen dalilin fitowarsa. Za a ba shi takardar zama ta wucin gadi, kuma a Italiya bayan kwana 60 yana iya yin aiki da ita. Nan ne ruɗani ke farawa a gida. Ya kira ya ce, "Inna, na samu takarda," sai gida ya ɗauka magana ta ƙare, har a fara zancen nema masa mata. Takardar nan ba ta ce an karɓe shi ba. Cewa ta yi maganarsa tana gaban hukuma, kuma ba za a kore shi ba sai an yanke.

Wannan hana korar ba ƙaramin abu ba ne. Sashe na 33 na yarjejeniyar Geneba ya hana kowace ƙasa mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Mai neman mafaka yana shiga ƙarƙashin wannan inuwa tun kafin a yanke masa hukunci, saboda a fahimtar doka ba hukuma ce ke mai da mutum ɗan gudun hijira ba, tabbatarwa kawai take yi. Kamar ganin wata ne: sanarwar Sarkin Musulmi ba ita ke haifar da jinjirin wata ba, yana nan a sama, amma sai an sanar ake ɗaukar azumi. Tunda mai yiwuwa ne mutumin ya riga ya cika sharuɗɗan, ba a taɓa shi sai an duba. Sashe na 31 kuma ya ce ba za a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba biza ba, muddin ya taho kai tsaye daga inda yake cikin haɗari kuma ya gabatar da kansa ga hukuma ba jinkiri. Shi ya sa kiran kowane mai shigowa ta kwalekwale baƙon haure bai dace ba. Hanyar shigowa daban, matsayin mutum daban.

Bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, za a kira autan gaban kwamitin da ke sauraron masu neman mafaka na yankin. Za a kawo tafinta. Zai ba da labarin daren harin, kuma mu ɗauka jami'in ya yarda da kowace kalma. Duk da haka akwai shinge biyu a gabansa.

Na farko shi ne dalili. Jami'in zai tambaye shi me ya sa aka kai wa ƙauyensu hari. In amsar ita ce shanu da kuɗin fansa suke nema, kuma kowa suka samu ɗauka suke yi, to a ma'aunin Geneba wannan ta'asa ce ta masu laifi, ba ta rataya da ɗaya daga cikin dalilai biyar ba. Ba wai don 'yan bindiga ba gwamnati ba ne. Turai ta yarda cewa ƙungiyar da ba ta gwamnati ba ma tana iya tsananta wa mutum, in hukuma ta kasa kare shi ko ta ƙi. Abin da ake nema shi ne igiyar da ta haɗa cutarwar da ko wane ne shi. Da a ce shi ne ya riƙa kai wa sojoji labarin maɓoyarsu, suka gano, suka aiko da saƙo da sunansa, suka kashe abokin da suke aikin tare, to magana ta sauya, domin yanzu ana iya cewa suna kallonsa a matsayin abokin gaba, ba kowa-da-kowa ba. Haka in Bafulatani ne da 'yan sa-kai ke farauta don ƙabilarsa kawai, ko malamin da Boko Haram ta sa wa ido don ya yi wa'azi a kanta, ko yarinyar da ta gudo daga auren dole kuma ba mai kare ta. Akwai kuma gefen da ba a cika faɗa wa matasa ba. Wanda ya ce shi ɗan sa-kai ne don ya ƙarfafa labarinsa, za a tambaye shi me ya yi da hannunsa. Yarjejeniyar ta cire duk wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton ya aikata babban laifi kafin ya zo, ko da tsoronsa gaskiya ne.

In dalilan biyar ba su kama ba, Tarayyar Turai tana da wata kariya ta mataki na biyu, ga wanda in an mayar da shi zai fuskanci hukuncin kisa, ko azabtarwa, ko tashin hankalin yaƙi da ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa. Wannan ce ta fi kusa da ma'anar Afirka, amma ta fi ta tsauri, domin sai an auna tsananin rikicin yankin da mutum ya fito, a kuma duba halinsa shi kansa. Wanda ya same ta ba ɗan gudun hijira ba ne a takarda, kuma haƙƙoƙinsa a wasu ƙasashe ba su kai na wancan ba. Jamus, alal misali, ta dakatar da ɗauko iyali ga masu irin wannan kariya a 2025 na tsawon shekara biyu.

Shinge na biyu shi ne wanda ya fi kayar da 'yan Najeriya, kuma nan babban wan ke dawowa. Jami'in zai ce, ina sauran 'yan gidanku? Autan, da gaskiyarsa, zai ce Yaya yana wajen Kazaure da iyalinsa, yana noma. Sai a rubuta. Dokar Turai ta ba hukuma damar ƙin ba mutum kariya in akwai wani yanki a ƙasarsa da zai zauna lafiya. Abu uku ake dubawa: shin wurin ba haɗarin da yake gudu, shin zai iya isa can lafiya kuma a bar shi ya shiga, shin hankali zai ɗauka ya iya zama ya rayu a can. Najeriya ƙasa ce mai faɗi, saurayi ne lafiyayye, yana jin harshen, ga ɗan'uwa da zai sauka a wajensa. A idon jami'in amsa ta fito. Ba ina cewa ya ɓoye yayansa ba, ƙaryar da aka kama ta fi wannan illa nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata ya shirya shi ne amsar tambayar da gaske: in masu nemansa suna da hanyar gano shi a Jigawa ko Kano, ya faɗi yadda, da abin da ya faru da ya nuna haka. In yana da ciwo da ba zai samu maganinsa ba, ko wani hali da zai hana shi rayuwa a can, ya kawo takardar likita. In kuma babu ko ɗaya, gara ya san tun wuri cewa ƙofar mafaka da wuya ta buɗe masa, ya fara tambayar lauya ko akwai wata hanyar zama ta aiki ko ta iyali ko ta jinƙai a ƙasar da yake.

Abin da ke ɓata wa mutanenmu shari'a tun kafin a kai ga shingayen nan shi ne labarin saye. A sansani akwai masu sayar da labari, su ce faɗi kaza, shi ke ci. Jami'an nan aikinsu ke nan kullum, suna da rahotannin kowace jiha a gabansu, kuma sun ji labarin nan daga bakin mutum da yawa kafin kai. Za a tambaye ka sunan dagacinku, ranar da kasuwarku ke ci, garin da ke gaba in an fita ta yamma. Za a gwada abin da ka faɗa yau da abin da aka rubuta a fom ranar farko. Da zarar an ga saɓani a babban abu, har gaskiyar da ke cikin labarin ta tafi. Wani saɓanin ma ba laifinka ba ne, daga tafinta yake. In aka kawo wanda Hausarsa ba irin taka ba ce, ko aka ce a yi da Turancin buroka alhali ba ka ƙware ba, ka faɗa nan take a rubuta. A ƙarshen zama ana karanta maka abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Kada kunya ko gajiya ta sa ka ce a wuce, domin wannan rubutun shi alƙali zai karanta in an ɗaukaka ƙara.

In hukunci ya fito an ƙi, ba a nan take ake zama mara matsayi ba. Akwai damar zuwa kotu, amma wa'adinta gajere ne, kuma yana rubuce a jikin takardar hukuncin. A Jamus mako biyu ne, in kuma hukumar BAMF mai yanke hukuncin neman mafaka ta ce buƙatar ba ta da tushe ko kaɗan, mako ɗaya. Mutane da dama ba a gaban alƙali suka faɗi ba, wasiƙa ce ta je tsohon adireshi, wa'adi ya wuce ba su sani ba. Duk wanda ya sauya ɗaki ya sanar da hukuma a rubuce. Wanda aka gama da shari'arsa aka ƙi shi ya fita daga sunan mai neman mafaka, ya koma baƙon da doka ta ce ya fita. Takardar Duldung da wasu ke riƙe da ita a Jamus ba izinin zama ba ce, dakatar da kora ce zuwa wani lokaci.

Guduwa wata ƙasar Turai ma ba ta buɗe sabon shafi. Hoton yatsun da aka ɗauka a Lampedusa yana cikin rumbun bayanai na Eurodac, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana kira ta Dublin ta ɗora nauyin shari'ar galibi a kan ƙasar da mutum ya fara shiga. Wajen Tarayyar Turai kuma kowace ƙasa da nata tsarin. A Birtaniya mai neman mafaka ba ya aiki, sai in ya shekara yana jira ba da laifinsa ba, sannan ya nemi izini a wasu ayyuka ƙididdigaggu. A Amurka dole a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya da isowa, in ba da wani uzuri da doka ta sani ba. Kuma masu cewa a biya su su sa sunan mutum a jerin waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya za ta kai Kanada ko Amurka, damfara ce. Hukumar UNHCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar, ba ta karɓar ko kwabo, kuma waɗanda ake kaiwa ƙasa ta uku a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba.

Mafi yawan 'ya'yan Jigawa da Kano da ke waje ba su cikin duk wannan. Su 'yan ci-rani ne, kuma ba abin kunya a ciki, kakanninmu ma sun yi. Kalmar ba ta da ma'ana guda da dokar duniya ta tsayar. Laima ce da ta rufe likitan da ke aiki a Landan, da ɗalibi a Alƙahira, da mai ɗinki a Makka, da wanda bizarsa ta ƙare shekara biyar da suka wuce. Abin da ke raba su shi ne takardar da dokar ƙasar ta ba kowa. Wanda ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye masa shinkafa shekara bayan shekara har ya fita nema, wallahi tilas ce ta fitar da shi, amma ruwa da talauci da bashi ba su cikin dalilai biyar. In ya nemi mafaka da wannan labari a Turai za a saurare shi, a tausaya, a ƙi.

Masu zuwa Saudiyya su lura da wani abu dabam. Saudiyya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, haka Daular Larabawa da Katar da Kuwait, haka ma Libiya. A Saudiyya babu wani ofishin gwamnati da za ka shiga ka cike fom ka zama mai neman mafaka irin na Turai. Abin da ake dubawa shi ne iƙama, wato takardar izinin zama, kuma iƙama tana rataye da kafili. Wanda ya shiga da bizar Umara ya zauna, ko 'yar aikin gida da ta gudu daga gidan da ake cutar da ita uban gidan ya kai rahoton hurub, duk sun zama marasa izini, ko me ya fitar da su daga gida. Sassaucin da aka yi a 2021 na sauya wurin aiki bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su ne kuwa mafi yawan mutanenmu. Wanda aka kama, hanyarsa gidan tarhil ce, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, daga nan sai jirgi.

Amma ɗan ci-rani yana da abin da ɗan gudun hijira ba shi da shi, wato ƙasarsa. In an kama shi, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi haƙƙin ya ce a sanar da ofishin jakadancin Najeriya. In fasfonsa yana hannun kafili ko ya ɓata, ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda ne zai ba shi takardar tafiya ta gaggawa. In aka hana shi albashi, yana da haƙƙin kai ƙara ƙarƙashin dokar ƙasar. Rashin iƙama bai halatta dukansa ko cinye guminsa ba.

Ƙofar ofishin jakadancin nan da ke buɗe ga ɗan ci-rani, ita ce wadda ta rufe ga wanda aka ba mafaka, kuma iyaye a gida ya kamata su fahimci wannan fiye da kowa. Mu ɗauka autan ya ci shari'arsa. Italiya za ta ba shi izinin zama na shekara biyar da ake sabuntawa, da takardar tafiya ta 'yan gudun hijira wadda sashe na 28 ya tanada, mai shiga ko'ina ban da Najeriya. Yana iya ɗauko mata da 'ya'ya ƙanana da sauƙin sharuɗɗa, ko da yake dokar Turai mace ɗaya ta sani, mai mata biyu ba zai kawo ta biyun ba in ta farko tana tare da shi. Amma duk wannan an gina shi ne a kan maganarsa cewa ƙasarsa ba za ta iya kare shi ba. Yarjejeniyar ta ce matsayin yana faɗuwa in mutum da kansa ya koma neman kariyar ƙasarsa. Zuwa ofishin jakadanci a sabunta koren fasfo yana iya zama hujjar hakan. Zuwa gida biki ko ganin gona ya fi haka nauyi, kuma hatimin filin jirgi ba ya ɓoyuwa. Jamus tun 2024 ta sa a doka cewa wanda ya je ƙasarsa ana ɗauka ba ya bukatar kariya, sai in tafiyar ta zama dole ƙwarai kamar rasuwa ko ciwon ajali na makusanci, kuma sai ya sanar da hukuma kafin ya tashi.

Saboda haka in Baba ya ce, "Shekara nawa ke nan, ka zo a ɗaura auren ƙanwarka," ɗan da ke riƙe da takardar mafaka ba rashin biyayya ne ya hana shi ba. Abin da wasu ke yi shi ne haɗuwa a ƙasa ta uku. Ga mutanen Maigatari da Babura, Damagaram ba nisa, shi kuma ya nemi bizar Nijar da takardar tafiyarsa, iyaye su tsallaka su same shi. Sharaɗin shi ne kada a ja shi a ce tunda ga gida nan kusa ya leƙo ta bayan iyaka, domin hoton biki ɗaya a waya ya isa a sake buɗe fayil ɗinsa. Wannan takura tana ƙarewa ne in ya cika shekarun da ƙasar ta gindaya ya zama ɗan ƙasa. Ranar da ya karɓi fasfonta ya fita daga sunan ɗan gudun hijira, domin ya samu ƙasar da ke kare shi. Ko a nan ma lauyoyi kan ja kunne cewa in aka gano an samu mafakar ne da labarin ƙarya, wasu ƙasashe suna iya janye har takardar zama ɗan ƙasar.